Ƙwayar Cuta Ba Ta Wadatar Ba: Hujjata Ga Masu Ƙyamar Aron Kalma

A wani zaman fassara da muka yi a Damagaram, an miƙa mana wata ƴar takardar faɗakarwa ta kiwon lafiya da aka rubuta da Ingilishi, aka ce mu mayar da ita Hausa domin a karanta a gidan rediyo, a kuma liƙa a ɗakunan shan magani. Jigon takardar jimla ɗaya ce: magungunan da ake kira antibayotik suna kashe bakteriya, amma ba sa kashe bairas. Mu shida ne a teburin. Dattijon cikinmu, malami ne da nake girmamawa ƙwarai, ya kafa sharaɗi tun kafin a ɗauki alƙalami cewa ba za a bar kalmar Nasara ko ɗaya a cikin takardar ba, domin a faɗarsa kayan aro ba ya rufe katara. Muka bi sharaɗin. Muka duba abin da muka saba ji a rediyo da abin da ke cikin littattafanmu, sai muka tarar bakteriya ƙwayar cuta ce, bairas ƙwayar cuta ce, antibayotik kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Ga abin da ya fito a kan allo: maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

An yi dariya, har da shi malam. Ni dai ban ga abin dariya ba, domin wannan jimla ita ce makomar duk wanda ya ɗauki tsarkin harshe ya fifita shi a kan ma'ana. Matsayina a wannan muhawara shi ne: a ari bairas da bakteriya, a sa musu rigar Hausa, sannan a gina sauran kalmomin fannin a kansu da kayan gida. Ba na cewa a ari kowace kalma. Cewa nake yi asalin kalma ba shi ne ma'aunin karɓarta ba. Ma'aunin shi ne aikin da za ta iya yi idan an saka ta a cikin jimlar Hausa. Zan tsaya a kan waɗannan kalmomi biyu kaɗai, domin misali ɗaya da aka bi har ƙarshe ya fi jerin kalmomi ɗari da aka ambata aka wuce.

Abin da ake son a raba

Kafin a yi gardamar suna, wajibi ne a san abin da ake raɗa wa sunan. Bakteriya halitta ce mai rai da kanta. Tana cin abinci, tana girma, tana rabuwa gida biyu ta hayayyafa, kuma ana iya ganinta da madubin likita irin wanda ke ɗakin gwajin asibiti. Tana da bango da ya kewaye ta, tana da nata kayan sarrafa abinci. Maganin antibayotik waɗannan kayan yake kai wa hari: fenisilin da danginsa, irin su amoksisilin, suna hana ta gina bangonta ne har ta fashe. Bairas kuwa ba shi da wannan bango, ba ya cin abinci, ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin jikin wata halitta ya tilasta mata ta riƙa buga masa kwafinsa. Yawancin ire-irensa sun fi bakteriya ƙanƙanta sau goma zuwa sau ɗari, madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su. Tunda ba shi da bangon da za a rushe, amoksisilin ba shi da abin da zai kama a jikinsa.

Cututtukan da muka sani sun rabu a kan wannan layi. Mura, ƙyanda, shan inna da ƙanjamau, bairas ne ke kawo su. Kwalara, taifot, tarin fuka, mashaƙo da sanƙarau irin na annoba da ke ziyartar ƙasashenmu da bazara, bakteriya ce ke kawo su. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya cikin ko ɗaya, wata halitta ce ta uku ke haddasa shi, kuma maganinsa dabam ne. Uwar da ta je kanti ta sayo amoksisilin domin murar ɗanta ta yi asarar kuɗinta, ɗan bai samu sauƙi daga maganin ba. Abin da ya fi muni shi ne, bakteriyar da ke zaune a jikinsa ta samu damar sabawa da maganin, ranar da za a buƙace shi da gaske sai a tarar ya daina ci. Wani babban bincike da aka buga a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ashe bambancin da jimlarmu ta kasa faɗa, bambanci ne da ake rasa rai a kansa a tsakanin masu magana da harshen nan.

Laifin ƙwayar cuta

Ba ni da rigima da ƙwayar cuta a matsayinta na kalmar gama-gari. Ƙirƙira ce mai kyau, ta yi wa al'umma aiki, ta koya wa mutane cewa akwai wani ɗan ƙanƙanen abu da ido ba ya gani wanda ke ɗauke da ciwo daga wannan zuwa wancan. Idan ana maganar wanke hannu ko tafasa ruwa, ita ce daidai, ba a buƙatar wata. Laifinta yana bayyana ne idan aka ɗora mata kayan da ba nata ba.

Dubi nauyin da kalmar ƙwaya ke ɗauke da shi a yau. Akwai ƙwayar hatsi da ƙwayar ido. Akwai ƙwayar magani, akwai kuma ƙwayar da ta ba mu ɗan ƙwaya. Akwai ƙwayar zarra a kimiyya. Akwai ƙwayar halitta, wadda masu fassara ke amfani da ita wani lokaci ga tubalin da aka gina jiki da shi, wani lokaci kuma ga abin da ɗa ke gada daga iyayensa, alhali abubuwa ne mabambanta. Malamin kimiyya da ke son ya ce bairas yana shiga tubalin jiki kuma wannan magani ba ya taɓa shi, sai ya wayi gari yana cewa ƙwayar cuta tana shiga ƙwayar halitta kuma ƙwayar magani ba ta taɓa ta. Kowace kalma a jimlar Hausa ce tsantsa, amma ɗalibin ya tashi bai ƙaru da kome ba.

Rabi na biyu na kalmar ma yana da nasa laifin. Yawancin bakteriya ba sa kawo cuta. Bakteriya ce ke mayar da madara nono da kindirmo. Ita ce ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Ita ce ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar gyaɗa da wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, abin da manomi ya daɗe da sani a aikace ko da bai san sunan mai aikin ba. Akwai kuma ɗimbinsu a hanjin kowane lafiyayyen mutum suna taya shi narkar da abinci. Wanda ya rubuta wa ɗaliban noma cewa ƙwayar cuta ce ke gyara gonar gyaɗa, ko ya gaya wa mai tallan nono cewa ƙwayoyin cuta ne a ƙwaryarta, ya yi ƙarya da sunan kishin harshe.

Mu gwada ƙirƙirar

Masu ƙyamar aro za su ce, to a ƙirƙiro sababbin kalmomi biyu mana. Na yarda a gwada, kuma a wancan zama mun gwada. Hanyoyin ba su wuce uku ba.

Ta farko ita ce a ƙara wa ƙwayar cuta sifa. Aka kawo babbar ƙwayar cuta da ƙaramar ƙwayar cuta. Amma a kunnen Bahaushe babbar cuta ita ce mai tsanani, ƙarama ita ce mai sauƙi, sai ga shi mun koya wa jama'a cewa abin da ke kawo ƙanjamau da shan inna ƙarami ne, ba abin tsoro ba. Aka kawo mai rai da marar rai. Nan take wani ya tambaya, idan ba ta da rai, yaya take yaɗuwa, kuma me ake nufi da rigakafinta? Masana kimiyya kansu suna saɓani a kan ko za a kira bairas rayayye, ba daidai ba ne mai fassara ya yanke musu hukunci a cikin suna. Ga kuma tsawo: duk lokacin da za a ambaci abin sai an jero kalma huɗu ko biyar, a takardar da za ta ambace shi sau ashirin.

Ta biyu ita ce a fassara asalin kalmar. Bakteriya daga Girkanci take, ma'anarta ƙaramar sanda, domin waɗanda aka fara yi wa wannan suna siffar sanda gare su. Idan muka bi wannan sai mu kira ta ƴar sanda, kowa kuwa ya san wace ce ƴar sanda a Hausa. Ko da an kauce wa wannan, sunan ba gaskiya ba ne, domin mai kawo sanƙarau kewayayyiya ce, mai kawo kwalara kuma lanƙwasasshiya. Bairas daga Latin yake, ma'anarsa dafi. Kalma ce gajera, Hausa ce, kuma da farko ta burge wasu a teburin. Sai mai karatu ya tuna yadda rigakafin shan inna yake: ɗigon da ake sa wa yaro a baki yana ɗauke da bairas ɗin cutar ne wanda aka raunana, domin jiki ya koyi yaƙarsa. Da sabuwar kalmarmu, ma'aikaciyar lafiya za ta tsaya a ƙofar gida ta ce ta zo ɗiga wa yaro raunanan dafi. A shekarar 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa an sa wani abu mai cutarwa a cikinsa, ba a koma ba sai a 2004, cutar kuwa ta tsallaka iyakoki zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Al'ummar da ta ga wannan bai kamata ta yi wasa da kalmar dafi kusa da rigakafi ba.

Ta uku ita ce a ƙago sauti sabo fil wanda ba shi da wata ma'ana a da. To, wannan kalma za ta zama baƙuwa ga manomi kamar yadda bairas yake baƙo gare shi, sannan ta zama baƙuwa ga likita, da mai sayar da magani, da ɗalibin da zai karanta fannin a jami'a. Mun biya kuɗin baƙunta sau biyu, ba mu sayi kome ba sai alfaharin cewa tamu ce.

Mu gwada aron

Yanzu a sa kalmomin aron a ma'auni ɗaya. Tambaya ta farko, shin bakin Bahaushe yana iya furta su? Hausa ba ta da sautin da kalmar bairas ke farawa da shi a Ingilishi, amma ta daɗe da sanin yadda take yi da shi: tana mayar da shi b, kamar yadda ta yi a direba, da biza, da bidiyo, da talabijin. Bakteriya kuwa tana da k da t a jere, abin da Hausar da ta ba mu likita ta guje wa, amma Hausar da ta ba mu dakta da darakta ta karɓa. Ba a buƙatar wani kwamiti ya yi wannan gyara, bakin jama'a ya riga ya yi.

Tambaya ta biyu, shin suna shiga nahawu? Bakteriya ta ƙare da wasalin a, saboda haka ta zama tamace kamar mota da kwamfuta, tana ɗaukar mahaɗi ba tare da gardama ba: bakteriyar kwalara, bakteriyar nono. A Ingilishi wannan siga jam'i ce, tilonta dabam yake, amma wannan matsalar masu Ingilishi ce, Hausa ba ta ari nahawunsu ba. Idan ana son jam'i, ga bakteriyoyi a kan tafarkin injiniyoyi da lauyoyi. Bairas ya ƙare da baƙi, ya zama namiji kamar ofis da tebur. Ana cewa bairas ɗin ƙyanda kamar yadda ake cewa bas ɗin Maraɗi, kuma wanda ya ce ofisoshi ba zai rasa yadda zai ce bairasoshi ba. Kalmar da ta karɓi jinsi, ta karɓi mahaɗi, ta karɓi jam'i, ta zama ƴar gida, ko daga ina kakanta ya fito.

Tambaya ta uku ita ce mafi muhimmanci a wurina: shin suna haihuwa? A nan ne ribar aron take. Da zarar bakteriya ta zauna, ba mu da buƙatar aron antibayotik a matsayin kalmar yau da kullum, sai mu ce maganin bakteriya, a kan tsarin maganin sauro da maganin ɓera. Wannan suna ya fi na Ingilishi ma gaskiya, domin yana faɗin iyakar aikin maganin a cikin sunansa. Halin da bakteriya ke shiga na daina jin magani kuma, Hausa tana da turjiya, sai mu ce turjiyar bakteriya. Wannan ma yana gyara wani kuskure da ya yaɗu, domin mutane da yawa suna zaton jikin mutum ne ke sabawa da magani, alhali bakteriyar ce ke turjewa, kuma tana iya tashi daga wanda ya yi wasa da magani ta kama wanda bai taɓa sha ba. Da kalma biyu na aro muka samu huɗu, biyu daga ciki ginin gida ne.

Ga yadda jimlarmu ta koma a ƙarshen zaman: maganin bakteriya ba ya kashe bairas, mura bairas ne ke kawo ta, saboda haka maganin bakteriya ba ya warkar da ita. A saman takardar muka sa layi biyu da ke bayyana cewa ƙwayoyin cuta iri-iri ne, manya daga cikinsu su ne bakteriya da bairas, kuma maganin bakteriya shi ne wanda likitoci ke kira antibayotik. Ƙwayar cuta ba ta mutu ba, ta koma mazauninta na uwa mai ƴaƴa.

Amsa ga hujjojin abokan hamayya

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, tsohuwar ƙauye ba ta san bairas ba, amma ta san ƙwaya ta san cuta. Gaskiya ne. Sai dai abin da ba ta sani ba shi ne abin kansa, ba sunansa kaɗai ba. Babu kalmar da za ta ɗauke wa malami ko ma'aikacin lafiya wahalar bayani. Abin tambaya shi ne, bayan an yi bayanin, wace kalma ce za ta riƙe shi? Baƙuwar kalma kamar sabuwar ƙwarya ce, abin da aka zuba mata shi za ta riƙe. Sananniyar kalma kuwa tana zuwa da tsohon abin da ke cikinta, mai sauraro ya ji kamar ya gane, ya tashi bai tambaya ba. Wanda ya ji bairas zai ce mene ne shi, wanda ya ji ƙwayar cuta zai gyaɗa kai ya nufi kantin magani. Tsohuwar nan kuma ita ce ke cewa asibiti, da likita, da kwalara, da taifot, ba wanda ya kai ta makarantar boko kafin ta iya.

Hujja ta biyu ita ce tsoron ambaliya: idan aka buɗe ƙofa, Hausa za ta nitse, ta koma Ingausa. Ina jin wannan tsoro, ni ma ina ƙyamar mai gabatar da shirin da ke cusa Ingilishi ko Faransanci a inda Hausa ke da kalmarta tsaf. Amma a bambanta aro da cakuɗa. Mai cakuɗa yana korar kalmar da ke nan, ya bar amma da saboda da gobe ya ɗauko na wani harshe don a ce ya yi boko. Mai aro yana cike gurbin da babu kowa a cikinsa. Bairas bai kori wata kalmar Hausa daga kujerarta ba, domin kafin ƙarshen ƙarni na 19 babu harshen duniya da ke da sunan wannan abu, ba a ma san da shi ba. Ingilishi kansa arowa ya yi daga Latin. Larabci, wanda ba a taɓa zarginsa da talaucin kalmomi ba, ya ari duka biyun, haka ma Suwahili.

Ya kamata kuma masu tsarkake harshe su duba kayan da suke tsarkakewa da shi. Sun ce a bar kwamfuta a ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, alhali na'ura Larabci ce, asalinta abin ɗebo ruwa daga kogi. Manhaja Larabci ce. Littafin da suke rubutawa, da alƙalamin da suke rubutu da shi, da ilimin da suke karewa, da nahawun da suke kafa hujja da shi, duk baƙi ne da suka daɗe har aka manta ranar zuwansu. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga kalmomin Ingilishi sun riga sun fara zama a cikinsa. Abin da ake kira tsantsar Hausa a kowane zamani shi ne aron da kakanni suka gama narkarwa.

Hujja ta uku ita ce, wasu al'ummu sun ƙirƙira kuma sun ci nasara. Haka ne. Mutanen Aisland suna da tasu kalmar ta bairas, Faransawa kuma sun ƙi sunan kwamfuta na Ingilishi suka yi nasu. Amma Aisland ƙasa ɗaya ce, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, kowa yana karatu da harshen tun daga firamare har jami'a, kalmar da aka zaɓa tana shiga kowane littafin makaranta. Hausa tana warwatse a ƙasashe da dama, ƙarƙashin ma'aikatun ilimi dabam-dabam, kuma likitocinta da Ingilishi ko Faransanci ko Larabci suka yi karatu. Kalmar da aka ƙago a Yamai ba ta da hanyar da za ta bi ta isa asibitin Katsina, wadda aka ƙago a Kano ba dole ta isa zangon Kumasi ko kasuwar Garwa ba.

Darasin iyaka

Wannan batu ya fi shafar mu da ke wannan gefen iyaka. Mun san yadda aro daga harsuna biyu ya raba bakinmu da na ƴan'uwanmu: muna cewa lakwal da mushe da sida, su ba su san su ba sai an fassara musu. Wani zai ce ai wannan hujja ce a kan aro. A wasu kalmomi haka ne. Amma bairas da bakteriya ba na Ingilishi kaɗai ba ne, na kimiyyar duniya ne. Malamin asibitin da ya yi karatu da Faransanci yana cewa birus da bakteri, na Najeriya da Gana yana cewa bairas da bakteriya, wanda ya yi karatu a Sudan yana da makamantansu a Larabci. Baƙaƙen kalmar ɗaya ne, wasula ne suka ɗan sha bamban. Waɗannan kalmomi suna cikin ƙalilan da aro ke haɗa mu maimakon ya raba mu.

Wace siga za a rubuta? Ra'ayina a ɗauki bairas da bakteriya, ba don Ingilishi ya fi Faransanci daraja ba, sai don mafi yawan masu magana da Hausa da mafi yawan abin da ake bugawa da watsawa da ita suna wancan gefen, kuma kunnuwanmu sun saba da su ta rediyo. A takardar da za a karanta a Tawa ko Damagaram, a ambaci birus sau ɗaya a farko don a haɗa wa mai karatu zaren, sannan a tsaya a kan siga ɗaya har ƙarshe. Abin da ba shi da uzuri shi ne abin da ake gani yanzu, marubuci ɗaya ya rubuta bairas a sakin layi na farko, bairos a na biyu, ya koma rubutun Turanci a na uku. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025, nauyin rubuta littattafan kimiyya da takardun asibiti da ita zai ƙaru, kuma sigar da aka sa a littafin farko ita yara za su girma da ita.

Inda ƙirƙira ta fi

Kada a fahimce ni a karkace. A cikin wannan fanni na lafiya kansa akwai ƙirƙirar da ba zan musanya ta da kowace kalmar aro ba. Garkuwar jiki ita ce babban misali. Gajera ce, ba ta karo da wata ma'ana, kuma hoton da take sa wa a zuciya gaskiya ne: akwai abin da ke tare hari, yana iya ƙarfi, yana iya rauni, ana iya karya shi. Daga gare ta aka samu cuta mai karya garkuwar jiki, wadda ta fi ƙanjamau adalci, domin ƙanjamau ramar ƙarshe take nunawa, alhali mai ɗauke da bairas ɗin yana iya shekaru da ƙibarsa, musamman idan yana shan magani. Rigakafi ma haka, hawan jini ma haka. Duk wanda ya zo da kalmar Ingilishi don ya maye gurbin waɗannan, ni ne farkon wanda zai tare shi.

Bambancin garkuwar jiki da ƙwayar cuta shi ne abin da nake son ɗalibi ya riƙe. Dukansu Hausa ne, dukansu ƙirƙira ne. Ta farko tana nuna abu ɗaya kuma abin da take faɗa a kansa gaskiya ne. Ta biyu an tilasta mata ta nuna abubuwa uku da maganinsu ya bambanta, kuma tana kiran mai yin daddawa da sunan cuta. Saboda haka idan sabuwar kalma ta zo gabanka, kada ka fara da tambayar daga ina ta fito. Ka rubuta jimlar da ta fi kowace wuya a fannin, wadda ke raba abin da maƙwabcinsa, ka saka kalmar gida a ciki. Idan jimlar ta tsaya da ƙafarta kuma ba ta faɗi ƙarya ba, ka riƙe ta gida, ka bar ta aro. Idan ta rushe kamar yadda tamu ta rushe a kan allo, ka ari kalmar, ka rubuta ta da baƙaƙen Hausa, ka ba ta jinsi da jam'i, ka bayyana ta sau ɗaya, sannan ka gina sauran a kanta.

Malam bai sauka daga ra'ayinsa ba a ranar. Ya ce har yanzu yana fatan wani mai basira zai zo da kalmomin gida biyu da za su yi wannan aiki. Na ce masa, Allah gafarta malam, ranar da suka zo suka ci jarrabawar jimlar nan, ni zan fara rubuta su. Kafin ranar kuwa akwai takarda da za a liƙa, akwai kuma uwa da ke tsaye a kantin magani da kuɗin amoksisilin a hannunta. Ya karɓi alƙalami ya gyara mana wata gaɓa a layi na biyu, ya bar bairas da bakteriya a inda suke.